Takardar Makin Baƙi

Shekarar da 'yata ta fara aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal a Shango, manaja ya ba ta takarda shafi biyu ta mayar Hausa. Sharuɗɗa ne na baƙin da ke yawan sauka, galibi 'yan kasuwar doya. Duk kwanan da mutum ya yi ana rubuta masa maki, in makin ya cika a ba shi kwana ɗaya kyauta. Manaja ya ja mata kunne kada ta ƙara ko ta rage, don abin da Hausar ta faɗa shi baƙo zai riƙe su da shi.

Na ɗauka ni za ta kawo wa. Sai na ga ta wuce ɗakin maƙwabciyarmu a Limawa, tsohuwar malamar firamare. Kwana uku ina tsintar wake a tsakar gida ina jin dariyarsu. Har "Mama" take ce mata. Ni da na yi yaƙi da jahilci da goyonta a bayana, ko biro ba a ce in miƙo ba. Ranar da Malama ta aiko min da kunu sai da ya huce a kwano.

Rana ta huɗu 'yata ta zo ta durƙusa.

"Umma, karanta min. Malama ta ce a gwada da wanda bai jin Turanci."

Wato abin da na dace da shi ke nan. Na karɓa, na bi da yatsa a hankali. Hausar ta yi daɗi, wannan ma ya ƙara min haushi. Maki na wanda ya kwana ne, ba a ba wani, ba a canza shi da kuɗi. Na kai layin kyautar.

"To, in makina ya cika, na zo ranar da 'yan biki suka cika otal, wa za ku fitar ku ba ni ɗaki?"

"Haba Umma, ai sai in akwai ɗaki."

"Nan dai cewa aka yi za a ba ni. Ban ga 'in akwai' ba."

Ta buɗe ta Turancin, ta duba. Sharaɗin yana ciki. Wajen haɗa layi biyu don maganar ta tafi sumul suka yar da shi, wai kowa ya sani.

Na gyara zama, ina jiran ta ce mu gyara tare. Sai ta miƙe da takalmi ƙafa ɗaya tana kira, "Mama! Mama, zo ki ga abin da muka bari!"

Da yamma Malama ta leƙo ta ce, "Maman yara, idonki ya fi namu." Na ce mata ba komai. Da aka buga takardar na roƙi guda ɗaya, tana cikin jakar littattafaina na makaranta. Layi ɗaya nake karantawa a ciki, wanda aka ƙara wa 'in akwai ɗaki'.