Layin da Bai Kai Bakin O Ba

Sai da na yaye ɗana na uku na fara riƙe fensir, a ajin yaƙi da jahilci a Makarfi. Daga nan ban tsaya ba, har na fito malamar kemistiri da furfura a goshina. Shi ya sa ba na wasa da abin da aka rubuta a takarda. Na san wuyar da na sha kafin in iya.

A sakandaren da aka tura ni, mu biyu ne ke koyar da darasin, ni da wani dattijon malami mutumin Kudan, mai sanyin hali. Dokar shugaban makaranta ita ce, wanda ya faɗi jarrabawar gwaji ba za a sa sunansa ya zauna ta ƙarshe a wannan darasin ba. A shekarar akwai wani ɗalibi daga Gazara, ɗan manomi, burinsa karatun haɗa magunguna. Ba kemistiri, ba wannan karatu.

Muna zaune a ɗakin gwaje-gwaje muna duba takardu, na zo kan tasa. Tambayar ta ce a zana etanol da asid ɗin etanoyik, a nuna kowane atom da kowane layin haɗi. Yaron ya san abin, amma zanen kamar kaza ta yi tono. Ya ja layuka jikin C, wato kabon, ya bar su tsirara, ba H na haidirojin a bakinsu. Layin da ya kamata ya tashi daga C zuwa O na oksijin bai kai bakin O ba, ya sauka kan H. A asid ɗin kuma, inda ake son layi biyu tsakanin C da O, ya ja ɗaya ya wuce.

Na soke. Da na haɗa makinsa, kaɗan ya rage ya haye.

Malam ya karɓa ya duba, ya ce ai kowa ya san abin da yaron ke nufi, sauri ne kawai. Na ce layin da ya karkace na bar masa, wanda ya gajarta ma na bar masa, don ba gasar zane muke ba. Amma kabon hannu huɗu gare shi, oksijin biyu, haidirojin ɗaya tak. Wanda ya ɗaura C da H ɗin da ke riƙe da O ya ba haidirojin hannu biyu, kuma babu wannan a halittar Allah.

"Malama, ke dai ko uwar miji albarka," in ji shi.

"Malam, masu duba ta ƙarshe ba su san fuskarsa ba. Kai za ka bi takardar ka yi musu bayani?"

Ya yi dariya, amma bai sake neman in ƙara wa yaron maki ba.

Raina bai kwanta ba duk da haka. Na shiga ofishin shugaba, muka gaisa, na ce, ranka ya daɗe, ni na kayar da yaron nan kuma ban yi nadama ba, amma ilimin yana kansa, hannunsa ne ke gudu. A ba ni shi kafin a rufe sunaye, a sake gwada shi da sababbin tambayoyi, shi da duk wanda zane ya kayar. Ya ce doka doka ce. Na ce in ya sake faɗuwa, ni da kaina zan je Gazara in gaya wa mahaifinsa. Ina jin don in fita masa daga ofis ya yarda.

Na kira yaron. Ya zo yana kumbure-kumbure, wai ai ya san amsar. Na tambaye shi ko ya taɓa ƙera motar kara yana ƙarami. Ya ce har da mai tirela. Na aike shi ya samo totuwar kara da tsinken tsintsiya. Muka yanka totuwa gunduwa-gunduwa: manya kabon, matsakaita oksijin, ƙanana haidirojin. Na ce ya gina mini etanol. Tsinken da bai soka a komai ba ya tsaya yana tsokane masa hannu. Da ya zo wurin O, ya ga ba yadda zai haɗa C da ƙaramar gunduwar da ke riƙe da O ba tare da ya huda ta sau biyu ba. Ya daɗe yana juya abin, sannan ya ce, "Ashe layin ma magana ne." Sauran da suka faɗi suka shigo, kowa da karansa, har mai shara ya kai ƙarata.

Ranar sake gwajin na ce Malam ya duba takardunsu, kada a ce na yi son kai. Ina gefe ina kallonsa yana bin kowane C a takardar yaron da bakin jan biro, yana ƙirga hannuwa. Ya kama H ɗaya da yaron ya manta a zanen iskar gas ɗin furofen, ya soke da kansa, ko kallona bai yi ba. Sauran zanensa duk sun zauna daidai.

Ya miƙo mini takardar ya ce in kai wa shugaba, a sa sunan ɗan Gazara. Na ɗauki mayafina na tafi tun kafin ya rufe biro.