Ranar da Aka Yanke Gaisuwa

Sau uku Malam Garzali yana taƙaita jimla guda, kuma kullum sai ta ƙara tsawo, shi da a Wudil ake cewa ko kurma ya zauna kusa da shi sai ya gaji.

Littafin zane ne na yaran manoman Darki yake fassarawa. Yaron cikin hoton ya ce kalma biyu a Turanci, shi kuwa Garzali ya sa shi gaida kakarsa har da tambayar gida da gajiya.

Suwaiba ce ke zuba rubutun a cikin hotunan. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan aiki a wani ɗan shago kusa da jami'a, tun tana rubuta allunan shaguna da burushi har ta koma kwamfuta. Ba ta taɓa rage girman harafi ba, domin ta sha ganin yara biyar a kan littafi ɗaya. Kumfar maganar ma, wato da'irar da ake rubuta zancen yaron a ciki, ba ta buɗuwa, ta riga ta taɓa hular yaron.

Garzali ya yi ta sokewa. Gajiya ta tafi, gida ya bi ta, ya rage "Sannu" tsirara, yadda ake ce wa wanda ya yi tuntuɓe. Ya daɗe yana duban kalmar, barkwancin da ya saba ya ƙi zuwa.

"Malama, ki ɗan matse haruffan mana. Yaron nan ya zama marar tarbiyya a hannuna."

Ba ta ko ɗago ba.

"In na matse, Malam, zai gaishe ta da kyau, amma kai kaɗai za ka ji, da tabaranka."