Lissafin Baba Mai Alli

A layin teloli ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Baba Mai Alli ake ce masa, don alli ba ya barin bayan kunnensa, har barci yakan yi da shi. Shekara talatin ya yi a shago ɗaya, ƙarami, mai ƙamshin man keke. A nan ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya yaye yaran shago da shi ma bai san adadinsu ba. Mutum ne da in ka kawo yadi huɗu ka ce biyar ne, da ido zai ƙaryata ka. Sai dai idon ya fara gajiya, ƙananan rubutu sun fi ƙarfinsa, kuma ya ƙi yarda.

Bai taɓa cin bashi ba sai da matasa suka cika layin da injin yi wa riga ado, masu kawo ɗinki suka fara wuce ƙofarsa suna gaishe shi daga nesa. Ya je bankin 'yan kasuwa ya nemi dubu ɗari shida, ya sa tsohon kekensa na ɗinki da injin da zai saya jingina. Ma'aikacin bankin ya ce kuɗin ruwa kashi huɗu cikin ɗari ne. Baba ya buga a ka: dubu ashirin da huɗu. Ya sa hannu, ya sayo injin.

Kowane wata saƙo ya shigo, ya biya dubu saba'in da huɗu, ya rubuta da alli a bango. Lissafin tela ya yi, irin na yadi: abin da ka yanka ka cire daga abin da aka kawo. Bayan biya na bakwai bango ya nuna dubu ɗari biyar da sha takwas. Saura ɗari da shida ke nan har da ruwa. Ciniki ya ja baya, mai shago yana jiran haya, sai ya kira babbar 'yarsa, wadda ke aiki a kantin magani.

"Uwata, ranta mini ɗari da shida in rabu da mutanen nan."

Ta sa ya karɓo hoton jadawalin biyan daga wayar ma'aikacin, ta zo da rana ta zauna a bencin masu jiran ɗinki. Ta buɗe hoton da yatsu biyu. Layi goma sha biyu ne. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, nawa suka ba ka a hannu?"

"Ɗari biyar da saba'in. Sun cire talatin, wai kuɗin takarda."

"Kashi huɗun nan na kowane wata ne. A kowane layi, hamsin uwar kuɗi, ashirin da huɗu ruwa. Saba'in da huɗu sau goma sha biyu, dubu ɗari takwas da tamanin da takwas. Ruwa kaɗai ɗari biyu da tamanin da takwas. Ka haɗa da talatin ɗin can, ɗari uku da sha takwas za ka biya a kan ɗari biyar da saba'in da ka riƙe."

"To ai ina ta rage bashin."

"Ruwan ba ya raguwa, Baba. Ɗari biyu da hamsin ta rage na uwar kuɗi, amma a kan ɗari shidan farko suke yanka. Kuma an rubuta a ƙasa, ko yau ka biya duka ba a yafe ruwan. Layi biyar suka rage, ɗari uku da saba'in."

Ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa, ya kusanto da ita. Layuka kawai yake gani, ba lamba. Kunya ta kama shi fiye da tsoro, kunyar 'yar da ya koya wa ƙirga da maɓallan riga.

"Ke kina da nawa?"

"Ɗari da ashirin ne duk abin da na tara."

"Bar abinki, kina da yara."

Da izinin bankin aka sayar da injin, dubu ɗari uku, ga shi ko shekara bai yi ba. Tsohon keken ya cike saba'in ɗin. Haya kuwa ba ta samu ba. Ranar da ya miƙa makulli, shi da kansa ya jiƙa tsumma ya goge bangon, wai kada mai shigowa ya tarar da ƙazanta.

Yanzu yana ƙarshen layin, a shagon wani da ya yaye shekarun baya, yana kalmasa da sa maɓalli, ana biyansa a kan kowace riga. Mai shagon har yau Maigida yake ce masa, ba ya zama sai Baba ya zauna. In baƙo ya shigo ya ga furfura, wajensa yake nufa da yadi yana tambayar kuɗin ɗinki. Baba yakan shafa yadin, ya faɗi ko yadi nawa ne, sannan ya nuna da haɓa.

"Ga mai shagon can, yi magana da shi."