Rabin Buhun Shinkafar Gulma

Mu uku ne a sashen da muka kama haya a Nasarawa. Akwai Anti, mai aikin jinya, ita ce babbarmu. Akwai ni, da na baro Argungu ina zaman shagon cire kuɗi. Sai 'yar Gulma, sunan garinsu ke nan, mai koyon ɗinki, wadda ba ta da albashi kuma ba ta da baki.

Ni na kawo manhajar rabon kuɗin gida, don na gaji da "wa ya sayi gas wancan karon?" Aikinta ba wuya. Duk wadda ta kashe wa gida kuɗi ta shigar da abin da ta saya da nawa ne, ita kuma ta haɗa, ta raba uku, ta faɗi wa za ta ba wa nawa. Na yi ta rawar kai da ita kamar ni na ƙera ta.

Da wata uku suka cika na tara su na karanta. Anti ta kashe dubu arba'in da biyu a katin wuta da gas. Ni ashirin da bakwai, ruwan 'yan garuwa da cefane. 'Yar Gulma dubu shida, sabulu da omo. Jimla saba'in da biyar, kason kowa ashirin da biyar. Wato ana bin 'yar Gulma dubu goma sha tara, sha bakwai na Anti, biyu nawa. Na faɗa da ƙarfi, har da nuna mata wayar.

Washegari da hantsi na dawo ɗaukar caja, na tarar tana ninke kayanta. Wai za ta koma gida, ba za ta zauna tana cin guminmu ba, ɗinkin ma a haƙura. Saura mata wata huɗu ta gama.

Raina ya ɓaci, da ita da kaina. Na shiga madafa in sha ruwa, ƙafata ta bugi buhun da ke bayan ƙofa. Shinkafar da babanta ya aiko tun farkon zamanmu, rabin buhu. Kullum ita muke ci, amma ko sau ɗaya ba a shigar da ita ba.

Ko takalmi ban tsaya sa wa daidai ba na tari ɗan kabu-kabu zuwa kasuwa. Na tambayi masu shinkafa uku kuɗin rabin buhu irin wannan, na ɗauki na tsakiya, dubu arba'in da biyar. Kafin in iso gida na shigar da shi a matsayin abin da ta biya.

'Yar Gulma ta ƙi. Ta ce tsaraba ce, wa ya taɓa sa wa tsaraba kuɗi, in Baba ya ji sai ya ce ta zubar masa da mutunci. Anti, da ta dawo aiki a lokacin, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin tsarabar da aka yi wata uku ana ci ba. Na ce a kira shi. Ban jira izinin 'yar Gulma ba na fizge wayarta.

Yana fadama, ana jin ƙarar injin ban ruwa. Na gaishe shi a gurguje, na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da tari.

"Ɗiyata, mi kuka ɗauka? Kuɗi na ba ni da su sai an yi girbi, shi as sa na aiko shinkafa. Kasonta na. Tsarabarku albasad da na aza sama."

Na danna lissafi cike da murna. Jimla ta koma ɗari da ashirin, kason kowa arba'in. 'Yar Gulma ta biya hamsin da ɗaya, gida zai mayar mata da sha ɗaya. Anti za a mayar mata da biyu. Na yi guɗa, na ɗaga 'yar Gulma sama, na zazzage jakarta a kan katifa. Sai da na sauke ta Anti ta ce in karanta layin ƙarshe, wa zai biya.

Ni ce. Dubu goma sha uku.

Anti ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Na sake haɗawa da biro a bayan kwalin ashana, ko manhajar ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Ni mai bakin gidan, ni ce nake cin shinkafar mutane ban cika kasona ba, kuma wallahi daɗin da nake ji bai ragu ba.

'Yar Gulma tana mayar da atamfofinta cikin akwatin ƙarƙashin gado, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Yaya, ƙarshen wata za ki ba ni, ko in zo shago in amsa? Zare nika son saye."

Na ce ta zo shago gobe, kafin in canza ra'ayi. Ƙarfe takwas ta riga ni isa.