Moton da Yaya Ya Bar Mini

Yayana ya bar mini motonsa ranar da zai tafi haƙar zinariya a Cibarakatan. Ya turo ta har cikin lambunmu da ke bakin ƙorama, tafiyar awa biyu a ƙafa daga cikin garin Agadas, ya kafe ta ƙarƙashin rumfar da muke shanya albasa. Jar moto ce mai ƙafa biyu, ya ɗaura wa sirdinta tsohon bargo don kada rana ta fasa fatar.

Ya tsuguna ya nuna mini wani ɗan mariƙi a gefen karburata. "Ka ga wannan? Sitata ke nan. Da sanyin safiya ka ja shi sama, ya toshe iska, mai ya yi yawa, sai ta tashi. In ta ɗumama ka mai da shi ƙasa. Ka ji, sarkin fargaba?"

Haka yake kirana tun muna yara, don ni ne mai komawa sau uku in duba ko na rufe ƙofa.

"Na ji, Yaya."

"Kullum ka tashe ta. Ka riƙa hawa kana zagayawa. Amma wallahi in na dawo na tarar da ƙwarzane ɗaya a jikinta, kai ma sai na ƙwarzane ka."

Ya yi dariya, ya buge mini ƙeya, ya tafi. Da wasa ya faɗa, na san da wasa ne. Amma cikin maganganun nan uku, ta ƙarshe ce ta zauna mini a zuciya. Na iya tuƙi, ba gwani ba ne dai. Na dubi hanyarmu, yashi da duwatsu da ƙaya, na ce a raina amana ba abin yawo ba ce. Sai na ɗauki tashin kullum na riƙe, na ajiye hawan.

Wata bakwai ban fasa ba ko sau ɗaya. In na idar da sallar asuba sai in je rumfa, in yaye mata tabarma, in goge tanki da gefen rigata, in buɗe makunnin mai, in ja sitata, in buga kik. Tana tashi sai in tsuguna kusa da ita ina jin kukanta. A lokacin nake yi wa Yaya addu'a, don wayarsa ba kullum take shiga ba. Har na sa wa kaina wani tunani da na san ba shi da tushe: muddin ta tashi da safe, to shi ma ya tashi lafiya.

Da farko in na mai da sitata ƙasa takan ci gaba da kukanta a hankali. Wajen wata na uku sai ta sauya. Ina mai da shi ƙasa sai ta yi tari biyu ta mutu. Na sake gwadawa, haka. Sai na daina mai da shi, na bar shi a sama. Da haka takan yi kuka na ɗan lokaci, in ta yi zafi muryarta ta yi nauyi, baƙin hayaƙi ya fito mai sa hawaye, sannan ta mutu da kanta. Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin ta ƙoshi. Sai in ce alhamdulillahi, in rufe ta, in tafi ban ruwa.

Wani maƙwabcinmu ya taɓa cewa, "Malam, wannan hayaƙin ba na lafiya ba ne, kai ta garaj." Na kwana biyu ina juya maganar. In na kai ta, za su kwance ta. In suka kwance, wa ya san abin da za su mayar da abin da za su sauya? Karatuna bai wuce aji shida na lakwal, wato firamare, ba, ban san cikin inji ba, ba zan gane ba ko an cuce ni. Na ce bari mai ita ya dawo ya kai ta da hannunsa.

Ranar wata Talata cikin tsakiyar sanyin ɗari, ina tsaye gaban rumfa ban kai ga yaye tabarmar ba, wayata ta yi ƙara. Abokin Yaya ne, wanda suke rami ɗaya.

"Kana tsaye ne? Zauna."

Ban zauna ba.

"Sai haƙuri. Ciwon ƙirji ya kama shi, muka taso da shi, Allah ya karɓi abinsa a hanya tun jiya da rana. Mun iso, yana gidan surukansa, ana yi masa wanka. Ba za a iya jinkiri ba, ya daɗe a mota. Ƙarfe takwas za a yi sallah. Ka taho yanzu."

Iyayenmu sun riga mu gidan gaskiya. Mu biyu ne kawai ciki ɗaya. Idan akwai wanda ya kamata ya shiga kabari ya karɓe shi, ya kwance masa ɗaurin likkafani, ni ne. Na dubi agogon waya, bakwai saura kwata. A ƙafa ba zan kai ba. A moto kuwa rabin awa ya isa.

Na ja sitata, na buga kik. Bugu biyu ta tashi. Ban sake taɓa sitatan ba, don na san halinta, in na mai da shi za ta mutu. Na hau, karo na farko cikin wata bakwai, na fita da ita hanya.

Tun daga farko ba ta da ƙarfi. Ina murɗa mata wuta tana gurnani tana jan jiki kamar wadda aka tasa daga barci, amma tana tafiya. Muka ci kusan rabin hanya. Sai muka zo inda hanya ke gangarawa ta ratsa busasshiyar ƙorama, wurin da yashi ke da zurfi. Na ji tsoron faɗuwa, na saki wuta, na kama kulaci. Nan take ta yi shiru.

Na buga kik. Na sake bugawa. Na duba sitata, yana sama, na ƙara danna shi sama da yatsa don in tabbata, tunda da shi take tashi kullum. Na buga har ƙafata ta mutu. Warin mai ya cika wurin. A cikin sanyin nan rigata ta jiƙe sharkaf.

Can sai ga wani dattijo mai rawani a kan tasa moton, ya nufi gari. Ya tsaya. Na gaya masa jana'izar yayana zan je.

"Inna lillahi. To me kake jira? Jingina ta jikin bishiyar nan, hau mu tafi."

Na dubi bishiyar, duk ƙaya. Na dubi hanya, ba gida ba mutum.

"Baba, ba tawa ba ce. Amana ce."

"Ta wa?"

"Tasa ce."

Ya daɗe yana kallona ta saman rawaninsa. "Ɗana, mai amanar yana can yana jiran ka, kuma ba zai daɗe yana jira ba. Hau."

Har yau ina jin bakina yana cewa, "Yanzu za ta tashi, Baba. Kullum tana tashi." Ya ce Allah ya ji ƙansa, ya ja motonsa. Na tsaya ina kallon bayansa har ya ɓace. Da na yi ihu a lokacin, da ya juyo.

Ba ta tashi ba. Na kama ƙahonta na fara turi cikin yashi. Abokin Yaya ya kira, ya ce liman ya iso. Na ce ga ni nan kusa. Ya sake kira, ya ce sun ƙara jira, rana ta fara ɗagawa, mutane suna magana. A kira na uku bai ce komai ba sai, "Ka wuce maƙabarta kai tsaye."

Da na isa, ana jera ƙaya a kan kabari. Mutane suna kakkaɓe hannuwa. Wani da ban sani ba, ƙasa har gwiwar wandonsa, shi ne ya shiga ramin ya karɓi yayana. Na kafe moton a bakin maƙabarta, har na tsaya na murɗa mata makullin wuya, sannan na ƙarasa. Suka yi ta ba ni hannu suna cewa sai haƙuri. Ba wanda ya tambaye ni dalili. Sun ga moton, sun ga ƙafafuna.

Bayan sadakar bakwai na tura ta garaj ɗin wani tsohon makaniki da Yaya ke zuwa wurinsa. Ya gane ta tun daga nesa, ya yi mini gaisuwa, sannan ya kwance buji, abin da ke ba inji wuta, ya miƙo mini. Bakin bujin baƙi ƙirin, ga danshin mai.

"Wa ke tafiya da sitata a ja?"

Na ce ni ne, na gaya masa komai. Bai katse ni ba. Ya sauke karburata, ya ciro wani ɗan ƙarfe rawaya da bai kai rabin ɗan yatsa ba, ya ɗaga shi saitin rana.

"Leƙa. Kana ganin haske?"

"A'a, Baba."

"Wannan 'yar hudar ita ke ba ta mai in ka saki wuta, tana ralanti, wato kukan nan nata na hankali. Man da ke tankin nan tun na yayanka ne ko? Ya tsufa, ya yi danƙo, ya toshe ta. Shi ya sa in ka mai da sitata take mutuwa, yunwa ce. Kai kuma sai ka bar shi a ja. Inji mai sanyi yana son mai da yawa, don man ba ya tashi ya gauraya da iska sosai. In ya yi zafi ba ya so, shaƙe shi yake yi, buji ya yi baƙi ya daina ba da wuta. Ka ga ta nan yunwa, ta can ƙwarewa."

"Da a ƙorama na mai da shi ƙasa fa?"

Ya shiga goge hannu. Na ga yana neman abin da zai faɗa mini.

"Gaya mini gaskiya, Baba."

"Da ka mai da shi, ka buɗe wuta gaba ɗaya, ka yi ta bugawa, iska za ta kore man. Wataƙila ta tashi. In ta ƙi, ka kwance buji ka goge. Makullinsa na nan ƙarƙashin sirdi, yayanka ba ya rabuwa da shi." Ya ɗaga bargon ya nuna mini. Yana nan, naɗe cikin tsumma. "Amma kwanansa ya riga ya ƙare, ɗana. Ba kai ka kashe shi ba."

Na san ba ni na kashe shi ba. Ba wannan nake tambaya ba.

Ya wanke ɗan ƙarfen da mai, ya hura, ya sake ɗaga shi. Wani ɗigon haske kamar bakin allura ya bayyana. Ya zubar da tsohon man, ya mayar da komai, ya sa sabon buji. Aikin duka bai kai dahuwar shayi ba. Ta tashi, ya mai da sitata ƙasa, ta ci gaba da kukanta a hankali, irin na ranar da Yaya ya kawo ta. Ya zagaya ta yana dubawa, ya shafa tanki.

"Ko ƙwarzane babu," in ji shi. "Ka riƙe ta da kyau."

A nan na fashe da kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Da aka raba gado moton ta faɗo a rabona. Yanzu ina hawanta. Duk Juma'a da safe nakan ja sitata, in jira muryarta ta daidaita, in mai da shi ƙasa, in duba sau biyu ko na mai da shi, sannan in kama hanyar maƙabarta. Ta faɗi da ni sau ɗaya a yashin ƙoramar nan, tankin ya ƙwarzane ta gefen hagu. Ban shafe wurin da fenti ba.