Abu na Uku a Takardar Yayana

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, kamfanin atamfa da yayana yake yi wa tsaron sito, wato magazan, a unguwar Treichville ya ce zai rage ma'aikata. Aka ce kowa ya rubuto abin da ya yi wa kamfani, a duba a ga wanda za a riƙe. Yaya yana jin Faransanci amma rubuta shi yana ba shi wuya, sai ya biyo ni ɗakina a unguwar Adjamé, ni da na yi boko.

Ya zo da abin da ya tsara: shi mai ƙwazo ne, mai amana, ba ya makara. Na yi dariya na ce, "Yaya, ko malalacin magazan ɗinku abin da zai rubuta ke nan. Me ka yi, yaushe, wa ya shaida?"

Ya tsuke fuska, don a gidanmu yabon kai abin kunya ne. Sai da na yi ta jan sa kamar mai ciro ƙaya, sannan abu uku suka fito. Ya sa an ɗora dilolin atamfa a kan katako, tun daga nan damina ba ta sake ɓata ko turmi ɗaya ba, rajistar asara tana nan. Ya jawo 'yan kasuwar Adjamé, mutanenmu na Nijar, suna sari, sunayensu suna kan rasitai. Na uku, ya koya wa mataimakansa biyu aiki, har da ya tafi Maraɗi jinyar mahaifiyarmu suka riƙe sito su kaɗai, aka yi ƙidayar kaya ba abin da ya ɓace, akanta ya sa hannu.

Ina rubuta wannan sai na ajiye alƙalami. Na ce, "Yaya, mu cire na ukun. Patoron, manajan naku, zai ga magazan yana tafiya ko ba ka nan, kuma albashin mataimakan bai kai naka ba."

Ya ce, "Ƙarya ce?"

"Gaskiya ce."

"To kai ka ce a rubuta abin da yake da shaida. Katako kowa zai iya sawa. Wannan kaɗai nake alfahari da shi. Bar shi."

Na ji haushin taurin kansa, har yau ma ina ji, amma na bar shi.

Manaja ya yaba takardar, ya ce babu wadda ta kai ta bayani. Ya riƙe mataimakan nan biyu, ya sallami Yaya.

Ya koma sayar da goro a tebur kusa da tashar Bassam, bai daɗe ba ciwo ya kwantar da shi. Ran da na je duba shi, ya ciro kwafin takardar daga aljihu, duk ta yi laushi. Na fara karanto masa daga sama, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Bar waɗannan. Karanta mini na ukun."