Kaluluwar da aka aiko daga Yendi

A Salaga aka haife ni, cikin gidan masu fataucin doya, amma aikin duba nama a madubin likita a Tamale na koye shi. Watana uku da farawa aka kawo wata 'yar kwalba daga Yendi, da kaluluwar da aka ciro daga wuyan wata mata. Likitan da ya aiko abokin karatuna ne. Ya kira ni ya ce matar 'yar Bawku ce mai sayar da albasa, ta rame, tana zazzaɓi, kuma danginta sun ji ana raɗe-raɗin cutar kansa ce, har sun fara shirin mayar da ita gida. Da ƙyar ya roƙe su suka yarda su jira mako guda.

Da aka yanka naman siriri aka ɗora a gilashi, sai aka rina shi da rini biyun da muke amfani da su kullum. Hematoksilin yana mai da cibiyar kowace ƙwayar halitta shuɗiya mai duhu, iyosin kuma yana ba sauran jikinta launin ruwan hoda. Ni da gaggawa ta cika wa ciki, na juya madubin kai tsaye zuwa gilashi mai ƙara girma sau arba'in. Na ci karo da wata ƙatuwar ƙwaya mai cibiya fiye da ɗaya, na ruga wajen shugabarmu na ce na ga kansar kaluluwa.

Dattijuwa ce mai ƙarancin magana. Ta tambaye ni yadda fasalin kaluluwar yake gaba ɗaya, na ce ban duba ba.

"'Yata, kin shiga ɗaki ba ki san gidan wa kike ba," in ji ta. "Koma ki fara daga ƙofa."

Kunya ta kama ni, amma na ƙudurta ba zan tashi daga kujerar ba sai na iya faɗin abin da ke gilashin daki-daki. Na fara ɗaga shi sama ina dubawa da ido. Ko a haka ana ganin wasu wurare sun koɗe a cikin shuɗin. A gilashi mai ƙara girma sau huɗu na bi naman daga wannan gefe zuwa wancan. Fatar da ta lulluɓe kaluluwar tana nan, amma dunƙule-dunƙulen shuɗin da ya kamata su jeru a bakinta kaɗan suka rage. Wasu tsibirai masu ruwan hoda sun cinye wurin, wasu har sun haɗe da juna.

A mai goma na zaɓi tsibiri ɗaya. Tsakiyarsa mataccen nama ne, ruwan hoda kawai, dagargaje kamar wagashi, cukun nan na Fulani, ba cibiya ko ɗaya da ta rage. Wasu ƙwayoyi masu haske sun kewaye shi, a bayansu kuma ƙananan ƙwayoyi shuɗaye sun yi masa katanga. Sai a lokacin na koma mai arba'in. Ƙwayoyin masu haske cibiyoyinsu dogaye ne kamar tafin silifa. Ƙatuwar da ta ruɗe ni kuwa cibiyoyinta sun fi goma, ƙanana masu kama da juna, sun jeru a gefenta kamar lauje. Ta kansar da na ambata yawanci cibiya biyu gare ta manya, kamar idon mujiya. Na bi duk gilashin ina neman irinta, ban samu ba.

Bayan la'asar muka zauna ni da shugabarmu a madubi mai kai biyu, na bayyana mata komai bi da bi, na ce wannan ya fi kama da tibi, wato cutar tarin fuka. Ta ce in rubuta abin da na gani kawai, domin wannan rinin ba ya nuna ƙwayar cutar tibi. Sai an yi wa wani yankan rini na musamman.

Washegari na shafe fiye da awa guda a gilashi mai ɗari, da ɗigon mai a kan sabon yankan, idona har yana ruwa. Can na hango 'yan jajayen sanduna guda uku, ƙwayoyin cutar tibi ke nan. Shugabarmu ta duba ta tabbatar, ta sa hannu a takardar.

Na kira Yendi. Abokina ya miƙa wa yayan matar wayar, don ya fi jin Hausa.

"Baba, ba kansa ba ce," na ce masa. "Tibi ce ta kaluluwa, kuma tana da magani. Amma sai ta sha shi wata shida ba fashi, ko da ta ji sauƙi."

Ya tambaya ko za ta iya karɓar maganin a Bawku, kusa da 'ya'yanta. Na ce likitansu zai rubuta musu takarda. Ban taɓa ganin fuskar matar ba. Bayan wata biyu abokina ya ce an aiko masa cewa ta koma kasuwa, sai dai maganin yana sa ta tashin zuciya da safe.